Fatihar da Na Ja a Ƙofar Gidan Buba

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da aka ba ƙasar nan mulkin kai, ko da yake in tsofaffin Bauchi suka zauna suna tuna tuta da macin 'yan makaranta da kiɗan badujala, ni shiru nake yi ina kallon ƙasa. Ba don ban ga bikin ba, na gan shi sarai. Abin da ya tsaya mini a rai daga makon nan wata gaisuwa ce da na ɗauka da ƙafata na kai ƙofar gidan abokina, na dawo da kunyar da har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina saurayi, ban daɗe da kama aikin duba-gari ba. An ba ni kaki da keke, aka ce in riƙa zagaya kasuwa da mayanka da bakin rijiyoyi ina duba tsabta. Ina zaune a Ƙofar Ran wurin Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami. Kuma a duk unguwar an san ni da abu guda: gaisuwa. Ban san ƙaramar gaisuwa ba. Tun daga nesa nake buga ƙararrawar keke in ɗaga murya, in tambayi kwana, in tambayi gida, in tambayi kasuwa, in tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, in mutum yana da jaki ma sai na tambayi lafiyarsa. (A zatona wannan shi ne ladabi. Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa wasu in sun jiyo ƙararrawata lungu suke shigewa.)

Abin ya faro ne daga Malam Inuwa mai goro, wani dattijo maƙwabcinmu, mutum mai fara'a wanda kullum shi ke fara tsokanata. Wata safiya na fito na same shi a kan dakalin ƙofar gidansa da mutane biyu ko uku, ya zuba wa butarsa ido. Na sauka daga keke na kwararo masa gaisuwa kamar yadda na saba. Ya ce lafiya lau, a hankali, bai ɗago ba, bai kuma mayar mini da tambayar ba.

Mai hankali a nan zai gane. Ni kuwa sai aikin ofis ya motsa mini. Na gyara tsayuwa na ce na ga kamar ba ya jin daɗi, ko jiki ne? Ya ce a'a. Na ce ko cikin gida ne? Ya ce lafiya. Na ce to ko goro ne ya lalace a hanya? Ya girgiza kai. Na ce ai kuwa fuskar nan tasa ba ta banza ba ce, har ya ɗan rame, ya gaya mini ko akwai abin da zan iya yi. Mutanen da ke wurin suka shiga gyaran murya, ɗaya har yana taka mini ƙafa, ni kuwa na janye ƙafar na ba shi haƙuri, na zaci ni na tare masa wuri. Daga nan na rufe da tambayar da ta fi kowacce muni. Na ce, "Ina Sale? Yau ban ga ya fito da faifan goro ba."

Malam Inuwa ya miƙe ya shige gida. Ko butar bai ɗauka ba.

Sai da rana na ji abin da duk Ƙofar Ran ta riga ta sani. Sale, babban ɗansa, sun yi sa'insa da uban, ya tattara kayansa ya bi mota zuwa Jos haƙar kuza, ko sallama bai yi ba. Wato dattijo ya fito ne ya sha iska ya ɓoye damuwarsa cikin mutane, ni kuma na zo na tsaya a kansa ina neman ya karanta mini ita da bakinsa a gaban jama'a.

Kafin in koma gida labari ya riga ni. Gwaggo tana tsakar gida tana kaɗa miya, ko kallona ba ta yi ba ta ce in zauna. Ta ce mutum ba randa ba ne da zan ɗaga murfinsa in leƙa. Ta ce ido ke fara gaisuwa kafin baki: in na hango mutum, in dubi zamansa da kafaɗunsa tun kafin in ƙaraso. In na ga ya yi sanyi, in sauke muryata ta koma ƙasa da tasa, in rage sauri, in ajiye raha a aljihu. In yi sallama, in ce sannu, in tambayi gajiya, shi ke nan. Ta ce gajiya riga ce mai faɗi, ba wanda ke jin kunyar sa ta. Mai ciwo da mai baƙin ciki da wanda matarsa ta yi yaji duk suna iya fakewa a cikinta ba tare da asirinsu ya tonu ba.

Ta ce sannan in saurari amsa, don a cikin amsar labarin yake. Wanda ya ce lafiya lau ya kuma tambaye ni nawa gidan, to a ci gaba. Wanda ya ce mun gode Allah ya yi shiru, ya ja labule ke nan, kada in ɗaga. Kada in ce wa mutum ya rame, kada in jera masa sunayen iyalinsa ina neman wanda zai sa shi motsi, kada in tambayi dalili a gaban mutane. In yi masa addu'ar da ta dace da kowane hali in wuce.

Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, miya ta taso, ni kuma na miƙe na ce na gane, na gane sarai. (Da na zauna na ji ƙarashen, da wannan labari a nan ya ƙare.)

Na koma na ba Malam Inuwa haƙuri, ya ce ba komai, ƙuruciya ce. Daga ranar na zama sabon mutum, ko in ce na zama wata sabuwar fitina. Na daina buga ƙararrawa. Na koyi wata murya mai laushi wadda nake fitowa da ita daga maƙogwaro, na koyi karkatar da kai gefe guda. Duk wanda na gani ya yi tagumi sai in matsa in ce masa sannu cikin tausayi. Wani mahauci da na yi wa haka a mayanka ya dube ni ya ce shi fa barci kawai yake ji. Ban karaya ba. A raina gani nake babu wanda ya kai ni karanta fuska a garin Bauchi.

Ana cikin haka shirin bikin mulkin kai ya kankama. Damina tana ƙarewa, ciyawa ta cika ko'ina, mu kuma aka sa mu gaba da sharar gari: a yashe magudanai, a nome bakin hanya, a shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa tun daga cikin gari har unguwar Turawa. Kullum sai yamma liƙis nake dawowa, saboda haka labaran unguwa suka riƙa wuce ni.

Ina da aboki, Buba, tare muka yi makarantar allo. Bafulatani ne, iyayensa sun daɗe da zama cikin gari, shi kuma yana dillancin shanu a kara. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen da in sun yi dariya sai sun rufe baki. Matarsa tana da cikin fari, an kuma mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, can wajen Fadaman Mada, lokacin duk gonaki ne da rugage. Abin da na ji na ƙarshe, a bakin wata mai fura, shi ne naƙuda ta zo da wuya, an kwana ana abu ɗaya.

Washegari da hantsi na biyo ta ƙofar gidansu. Na hango an shimfiɗa tabarma a gaban zaure, dattawa suna zaune, mata suna shiga ciki da lulluɓi. Buba yana can gefe, ya haɗa kai da gwiwa, idanunsa jajir, yana zanen ƙasa da tsinke. Wani tsoho ya sunkuya ya yi masa magana, Buba ya ƙara sunkuyar da kai kamar zai shige ƙasa.

Na haɗa naƙuda mai wuya da tabarma da jan ido, na fitar da amsa nan take.

Farkon abin, ka yarda da ni, na yi shi daidai. Na sauka daga keke tun daga nesa, na jingina shi a hankali, na cire takalmi, na yi sallama can ƙasa-ƙasa. Na gaida dattawa, na durƙusa kusa da Buba na ce sannu. Ya ce yauwa. Na tambayi gajiya, ya ce mun gode Allah, ya yi shiru. Ga labule an ja, kamar yadda Gwaggo ta faɗa. Ban ɗaga ba. Ban tambayi me ya faru ba, har ina yaba wa kaina. Sai dai a maimakon in tsaya a nan, na ga ai tunda na riga na san abin da ke bayan labulen, rashin zumunci ne in tashi ban ce komai ba.

Na karkatar da kai, na fito da muryar nan tawa, na ce, "Buba, yaya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne. Allah ya mayar da gurbinsa da mai albarka."

Buba ya ɗago ya dube ni, bakinsa ya buɗe, ya sake rufewa. Ya ce, "To... ai..." Ya tsaya.

A nan sai in yi maka bayanin abin da na sani tun ina yaro amma ya ɓace mini a ranar. Bafulatani na sosai ba ya nuna murnar ɗan fari. Ba ya ambatonsa, ba ya kiran sunansa, in an yi masa barka kai yake sunkuyarwa, ballantana a gaban dattawan gidansu. Jan ido kuwa na rashin barci ne, don ya kwana a tsaye yana jiran labari. Matarsa ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji, masu shiga da fita barka suke zuwa yi wa kakar yaro. Kuma kunyar da ta hana Buba murmushi ita ce ta ɗaure masa baki yanzu. Ta yaya zai dubi baffanninsa ya ce ɗansa na nan da rai?

Ni kuwa da na ga ya kasa magana sai tausayi ya ƙara kama ni. Na dafa kafaɗarsa na ce ya daure, yaro ne shi, Allah zai ba da wasu. Sannan na juya wajen dattawa, na ɗaga hannu sama, na ce a yi wa mamacin fatiha.

Ka san hannu ba ya jin an ce fatiha ya zauna. Wallahi sai da tsofaffi biyu suka ɗaga nasu, ɗayan kurma ne dama, har ya fara motsa baki. Sauran suka tsaya da hannu a tsakiya, ba sama ba ƙasa, suna kallon juna.

"Wane mamacin?"

Muryar daga cikin zaure ta fito. Dada ce, mahaifiyar Buba, wata 'yar gajeruwar tsohuwa wadda duk unguwa ke shakka. Ta fito da ƙwaryar goro a hannu, za ta miƙo wa dattawa na barka. Ita kam kaka ce, babu wata kunyar jika a kanta. Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta dube ni tun daga hula har yatsun ƙafa.

Ta ce, "Ɗan Asabe, jikan nawa da na baro yana tsala kuka kamar zai tsaga ɗaki, shi kake yi wa fatiha? Kai ka yi masa wanka ko kai ka haƙa ramin?"

Hannuwana suna sama har lokacin. Ban san yadda zan yi da su ba. In shafa, na tabbatar da fatihar. In sauke, ban san inda zan ajiye su ba. Sai na kai su kai na gyara hula. Na fara cewa barka, barka da arziki, Allah ya raya, amma da muryar ta'aziyyar nan, don ta maƙale mini a wuya ta ƙi fita. Dada ta tofar da yawu gefe tana neman tsari da mugun baki, mata suka leƙo ta ƙofar zaure, kurman nan ya shafa fatiharsa shi kaɗai ya tambayi na kusa da shi yaushe za a yi jana'iza. Na ɗauki keke na tura shi da gudu, sai da na kai bakin masallaci na lura takalmana suna can bakin tabarma. Ban koma ba. Da yamma aka aiko mini da su.

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta riƙe ciki tana cewa in bari ta huta. Da ta natsu sai ta ce abin da miya ta hana ta faɗa ke nan. Rashin tambaya ba shi ne ka cike gurbi da zatonka ba. Ba a cewa yaya jiki sai an san mutum ba shi da lafiya, ba a cewa yaya haƙuri sai an ji rasuwa daga bakin da ba ya kuskure. In ban sani ba, in tsaya a kan sannu da gajiya, in kuma sanin ya zama dole, in koma gefe in tambayi wani daban a asirce. "Duba-gari aka ɗauke ka," in ji ta, "ba ɗan duba ba."

Da a nan abin ya tsaya, da dariya ce kawai. Amma kafin suna sai labari ya zo daga Fadaman Mada cewa jaririn ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi, kukan ma ya ragu. Nan take dariyar unguwa ta ɗauke. Na ji da kunnena wasu mata a bakin rijiya suna cewa ai bakin yaron nan mai kaki ne, wa ya taɓa jin an yi wa jariri fatiha ya zauna lafiya. Wata ta ja ɗanta ta ɓoye a bayanta da na zo wucewa.

Ni na yi karatun tsabta, na san baki ba ya sa zazzaɓi. Amma sanin bai hana ni tsorata ba. Abinci ya fita kaina. Ban taɓa yi wa wani mahaluki addu'a kamar yadda na yi wa jaririn nan da ban taɓa gani ba. Na san in wani abu ya same shi, ko Buba bai ce komai ba, ba zan sake iya haɗa ido da shi ba, zaman Ƙofar Ran kuma ya ƙare mini. Na daina bi ta lungunsu, na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa.

Gwaggo ce ta tare ni. Ta ce gudun da nake yi ya fi fatihar muni, don yanzu ne abokina yake cikin damuwa ta gaskiya, kowa kuma yana ganin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Na ce me zan ce masa? Ta ce abin da na gani kawai, in ban ga komai ba in yi shiru.

Bayan la'asar na same shi shi kaɗai a gindin wata tsamiya da ke bayan gidansu, inda yake ɗaure shanun da bai sayar ba. Wannan karon ba sunkuyon kunya ba ne. Ya jingina da itacen, ya miƙe ƙafafu, yana kallon wuri guda. Na yi sallama a hankali. Ban zauna a gabansa ba inda dole sai mun haɗa ido, na zauna a gefensa muna fuskantar shanun tare.

Na ce, "Sannu, Buba."

Ya ce yauwa.

Na ce, "Ina gajiya?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san amsar wannan, ba gajiya. Amma Buba ya ce, "Gajiya kam akwai ta."

Na ce Allah ya kawo sauƙi. Ya ce amin. Na rufe bakina.

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Tambayoyi suka cika mini baki kamar tururuwa: yaya yaron, ya sha wani abu, me aka ba shi, Dada tana fushi da ni har yanzu? Ga kuma doguwar ban-haƙurin da na tsara tun a hanya, wadda na gane a zaunen nan cewa don in sauke nawa nauyin ne na tsara ta, ba nasa ba. Na haɗiye su duka. Na tsinki ciyawa na riƙa murzawa. Wata saniya ta yi fitsari mai tsawo, muka bi ta da kallo kamar wani muhimmin abu. Inuwar tsamiyar ta matsa daga ƙafafunmu ta koma kan turken shanu.

Can sai Buba ya yi magana, ba tare da ya juyo ba. Ya ce baƙon nan na wajen Fadaman Mada ya ƙi cin abinci. Haka ya kira shi, baƙo. Ya ce an yi rubutu, an yi jiƙo, shiru, uwar ɗakin baƙon kuma ƙirjinta ya kumbura tana kuka. Ya ce bai san wanda zai gaya wa ba, don a gida ba ya iya buɗe baki a kan maganar.

Ban ce ai da an kai shi asibiti tun farko ba, ko da yake maganar ta zo har bakin leɓena. Na ce akwai wata ungozoma a asibitin gari da muke haɗuwa wajen aiki, dattijuwa ce, ba ta da surutu, tana kuma zuwa gida in an roƙe ta. Na ce in yana so in yi mata magana, in kuma ba ya so, kamar ban faɗa ba. Har na zaci na sake ɓata rawata. Sannan ya ce, "Yi mata."

Na yi wa ungozomar magana, da sassafe muka raka ta, Buba ya tsaya can bakin gona don ba ya shiga gidan surukai a irin wannan lokaci, ni ma na tsaya tare da shi don ba na son haɗuwa da Dada, wadda ta koma can wajen jikanta. Ungozomar ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ce nonon ne ya cika ya yi tauri har yaron ya kasa kamawa, ƙishi da yunwa suka galabaitar da shi. Ta gasa wa uwar da ruwan ɗumi, ta nuna mata yadda za ta tatsa a ba shi da ƙaramin cokali kaɗan-kaɗan har ya samu ƙarfin kamawa da kansa, ta ce in zafin jikin bai sauka ba a kawo shi asibiti ba tare da jira ba. Washegari ta koma, ta dawo ta same mu a gindin tsamiyar nan ta ce ya kama. Da Buba ya ji, sai ya juya yana gyara igiyar saniya da ba ta kwance ba.

Bayan ta tafi ne na samu na ce masa ya yafe mini abin da na yi a ƙofar gidansu. Ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce shi abin da ya fi ba shi wuya a ranar ba maganata ba ce, riƙe dariya ne a gaban baffanninsa lokacin da na gyara hula.

Suna ya faɗo a cikin hidimar bikin, gari cike da tutoci, 'yan makaranta suna wucewa da waƙa. Na so in fake da aiki, Buba ya aiko ya ce in ban zo ba shi ma ba zai zauna ba. Na je na raɓe a ƙarshen tabarma, na ja hula har gira. Liman ya raɗa suna, ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya tsaya ya leƙo ta kan jama'a har ya hango ni. Ya ce, cikin natsuwa, "Malam duba-gari, wannan ta barka ce." Wurin ya ɗauki dariya, har kurman nan, wanda na tabbata bai ji komai ba.

Dada kuwa ba ta yi dariya ba. Ta aiko mini da ƙwaryar fura da nono mai kauri, ta ce a gaya mini ta ji wanda ya kawo ungozoma, ta gode. Ta ce kuma a ƙara gaya mini, ranar da ita ta mutu kada in yi wahalar zuwa gaisuwa sai na ga kabarin da idona. Ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, kuma duk lokacin da muka haɗu a lungu sai ta tsaya ta dafa ƙirji ta sanar da ni cewa tana nan da ranta tukuna.

Yanzu na tsufa, kuma abin mamaki, a unguwa ni ake turawa wurin wanda abin duniya ya dama. Wai na iya zama da mutane, wai ina da zurfin ciki. In na je, sannu nake cewa, in tambayi gajiya, in nemi wuri a gefe in zauna. Wani ya yi magana, wani har in tashi bai ce uffan ba, washegari kuma ya aiko a yi mini godiya. Matasa suna tambayata a ina na koyi wannan hikima. Nakan yi murmushi irin na manya in ce rayuwa ce. Gaskiyar ita ce ba hikima ba ce, tsoro ne. Na gwada tambaya na ga inda ta kai ni, na gwada zato na ga inda ya kai ni, shiru ne kaɗai bai taɓa sa na gudu ba takalmi ba.